Yadda ake mayar da sakin layi na littafin umarni zuwa gajerun matakai masu lamba: misali da na'urar awon hawan jini

Wanda ya rubuta littafin umarnin da ke zuwa cikin kwalin kaya ya san kayan ciki da waje, shi ya sa yakan fara da abin da ya fi muhimmanci a wurinsa. Wanda ya sayo kayan yau kuwa, takarda na hannunsa na dama, kayan na hannun hagu, yana karanta layi ɗaya ya aikata, sannan ya dawo ya nemi inda ya tsaya. Idan abin da ya kamata ya yi da farko yana can ƙasan sakin layi, sai ya gama kuskuren kafin ya iso wurin. Saboda haka aikin sake rubutu ya wuce yanka sakin layi a kowace aya a jera masa lambobi. Ana wargaza shi ne gaba ɗaya, a sake jera shi bisa yadda hannun mutum zai bi aikin.

Za mu yi aikin da misali ɗaya daga farko har ƙarshe: na'urar awon hawan jini mai batir, irin wadda ake naɗa maɗaurinta a damtse, wadda mutane ke saya a kemis domin awo a gida. Ga sakin layin da za mu gyara. Mu muka tsara shi, amma a kan salon da irin waɗannan littattafai suka saba zuwa da shi:

"Ana yin awo ne ta hanyar danna maɓallin START/STOP bayan an naɗa maɗaurin a damtsen hagu, inda ya kamata gefensa na ƙasa ya kasance santimita 1 zuwa 2 a saman gwiwar hannu, tiyon iska kuma, wanda dole ne an riga an jona shi da na'urar, ya biyo ta cikin hannu. Maɗaurin zai kumbura da kansa sannan ya sace, sakamako ya bayyana. Mai awo ya kasance a zaune cikin natsuwa, maɗaurin daidai da zuciya, kuma ba a son motsi ko magana. Ana ba da shawarar hutun minti 5 kafin awo, tare da kauce wa cin abinci, shan gahawa, shan taba, wanka ko motsa jiki na minti 30. A cire tufafi masu kauri daga damtse. Idan an ji zafi mai tsanani yayin kumburi ana iya dakatar da awon ta hanyar danna maɓallin. Wannan maɗauri ya dace da damtse mai kewayen santimita 22 zuwa 32. Kada a ɗaura a hannun da ke da rauni ko wanda ake ƙarin ruwa ta cikinsa."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma duba: aikin farko da aka ambata shi ne danna maɓalli, wanda kusan shi ne na ƙarshe a zahiri. Sabon mai amfani zai danna, maɗauri ya fara matse shi, sannan ya karanta cewa ya kamata ya huta minti 5 tukuna, ya kuma tuna bai daɗe da tashi daga kan kwanon tuwo ba.

Mataki na farko: yi aikin da hannunka kafin ka taɓa rubutun

Ɗauki na'urar, ka fito da ita daga kwali kamar yau ka saya, ka yi awon. Ajiye takarda kusa, duk abin da hannunka ya yi ka rubuta shi, komai ƙanƙantarsa. A nan ne za ka gano abubuwan da sakin layin ya tsallake domin marubucin ya ɗauka kowa ya sani. A misalinmu babu maganar batir sam, alhali na'urar ba za ta kunnu ba sai an saka mata, galibi guda 4 masu girman AA. Ba a faɗi a wace kafa ake soka tiyon ba, ga shi wasu na'urorin suna da kafa biyu, ɗaya ta iska, ɗaya ta wayar lantarki. Ba a faɗi iya matsin da ya kamata a yi wa maɗaurin ba. Ba a kuma faɗi abin da za a yi bayan lambobi sun fito ba.

Idan ba ka da kayan a hannu, kada ka cike giɓin da zato. Rubuta tambayoyin ka kai wa kamfanin ko wanda ya ba ka aikin. Tazarar maɗauri daga gwiwar hannu misali ce mai kyau: wani kamfani yana cewa santimita 1 zuwa 2, wani 2 zuwa 3. Adadin da ke littafin kayan da kake wa aiki shi za ka bi, ko da ka saba ganin wani a wani wuri.

Mataki na biyu: rarraba jimlolin gida-gida

Sai ka dawo kan sakin layin da alƙalami. Kowane guntun magana da ke ciki yana faɗawa ɗaya daga cikin gida huɗu. Akwai aiki, wato abin da mutum zai yi da jikinsa: jona tiyo, cire tufa, zauna, naɗa, danna. Akwai sharaɗi, abin da dole ya cika tun kafin a fara: minti 30 ba abinci ba taba, girman damtse ya dace da maɗauri. Akwai gargaɗi, abin da zai iya cutarwa: hannu mai rauni, zafi mai tsanani. Akwai kuma sakamako, abin da na'urar ke yi da kanta: kumburi, sacewa, fitowar lambobi.

Aiki kaɗai ke samun lamba. Wannan ita ce dokar da aka fi karyawa. Za ka ga an rubuta "7. Maɗaurin zai kumbura", mai karatu ya tsaya yana neman abin da zai yi a mataki na 7, alhali babu. Sakamako yana zama a ƙarƙashin aikin da ya haifar da shi, a layi na gaba, ba lamba. Amfaninsa babba ne ga sabon hannu, domin da shi yake gane cewa yana kan hanya. Wanda bai taɓa jin matsin maɗauri ba zai iya tsorata ya fizge shi, sai dai in an riga an gaya masa cewa zai matse sosai na ɗan lokaci sannan ya saki.

Sharaɗi yana hawa sama, kafin lamba ta 1, ƙarƙashin kai kamar "Kafin ka fara". Gargaɗi kuma yana da wuri biyu. Wanda ya shafi aikin gaba ɗaya, kamar na hannu mai rauni, yana zama can sama. Wanda ya shafi mataki ɗaya yana zuwa dab kafin wannan matakin. Maganar dakatar da awo idan zafi ya yi yawa dole a karanta ta kafin a danna maɓalli, domin mutumin da damtsensa ke matse yana jin zafi ba ya da natsuwar neman layi a takarda.

Mataki na uku: jera ayyukan bisa lokaci, ka raba na sau ɗaya da na kullum

Jerin da ka rubuta lokacin da kake gwadawa shi ne jagoranka. Wani lokaci za ka ga tsari biyu duk suna yiwuwa, sai ka zaɓi wanda ya fi kare mutum daga kuskure. Hutun minti 5 misali ne. Idan ka sa shi a farko, mutum zai huta, sannan ya miƙe ya ɗauko na'ura, ya yi kokawa da babbar riga ko hijabi, hutun ya tashi a banza. Don haka duk abin da ke buƙatar kai da kawo ya riga hutu: jona tiyo, fitar da damtse, zama, sannan hutu.

Saka batir da auna kewayen damtse sau ɗaya ake yin su. Idan ka cusa su cikin jerin awo, mutum zai riƙa tsallake matakai biyu na farko kullum, daga nan ya saba da tsallake. Ba su nasu ɗan jerin daban mai kai nasa, lambobin awo su sake farawa daga 1. Haka ma in jeri ya haura goma ko goma sha biyu, nemi inda aikin ke da gaɓa ka raba shi biyu.

Mataki na huɗu: rubuta kowane mataki

Fara da kalmar aiki, aiki ɗaya a kowace lamba. Banda kawai shi ne ayyuka biyu da ake yi a lokaci guda, ko waɗanda raba su zai zama wasa da hankali, kamar buɗe murfi da ajiye shi. Masu rubuta littattafan gyaran jiragen sama suna da ƙa'ida mai suna ASD-STE100, wadda ta kayyade jimlar umarni a kan kalma 20, da umarni ɗaya a kowace jimla sai in ayyukan tare ake yin su. Don Ingilishi aka tsara ta. Hausa tana cin ƙananan kalmomi da yawa, irin su "a", "da", "na", "ya", don haka kada ka takura kan adadin. Ma'aunin da ya fi aiki shi ne mutum ya karanta matakin sau ɗaya, ya ɗauke ido daga takarda, ya aikata bai dawo ba.

In mataki yana da "idan", sai "idan" ɗin ya zo gaba. "Danna maɓallin idan zafi ya yi yawa" yana sa mai sauri ya danna kafin ya kai ƙarshen jimlar. "Idan zafi ya yi yawa, danna maɓallin" ba ya barin wannan ƙofar.

Akwai matsalar da ta keɓanta da Hausa, wato da wa ake magana. "Ka zauna" ya bar mata a waje, "ka/ki zauna" a kowane layi yana gajiyar da ido, "a zauna" kuma ba ya nuna mai aikin, wanda ke kawo ruɗani idan wani ne ke auna wani: wa zai zauna, wa zai danna? Mafita mai sauƙi ita ce umarni tsurarsa, wanda bai san namiji ko mace ba: zauna, ɗora, danna. Sai ka guji "hannunka" ka ce "hannu" ko "hannun hagu". Wajen hani, "ban da magana" ya wadatar, ba sai ka zaɓi tsakanin "kada ka" da "kada ki" ba. Duk wanda ka zaɓa, tsaya a kansa har ƙarshe.

Kalmar "hannu" ita kanta tarko ce. Daga kafaɗa har yatsu duk hannu ne, kuma akwai na'urorin da ake ɗaurawa a wuyan hannu. Ka rubuta "ɗaura a hannu", wani zai ɗaura a ƙasan gwiwa. Ambaci gaɓar: damtse, gwiwar hannu, tafin hannu. Sunan kowane sashe na na'urar ma guda ɗaya zai zama. In ka kira shi "maɗauri" a mataki na 2, kada ya koma "ƙyalle" a na 5 ko "bel" a na 8 don gudun maimaici, domin sabon mai amfani zai ɗauka abu uku ne ya shiga laluben kwali. Abin da aka rubuta a jikin na'ura ko a allonta kuwa ana barinsa yadda yake, harafi da harafi. Idan maɓallin yana ɗauke da START/STOP, haka za ka rubuta, domin abin da ido zai nema ke nan.

Kula da bambancin "danna" da "danna ka riƙe". A wasu na'urorin, riƙe maɓallin bayan kumburi ya fara yana sa ta ci gaba da hura iska fiye da yadda za ta yi da kanta, hanya ce da aka tanada domin masu jini mai hawa sosai. Dattijon da ya saba danne maɓallin rediyo har sai ya ji magana zai iya yin haka bai sani ba. "Danna sau ɗaya, saki" ya rufe maganar.

Sai kalmomin da ba su aunuwa: "cikin natsuwa", "yadda ya kamata", "daidai". "Maɗaurin daidai da zuciya" gaskiya ce ta likita, amma mutum ba ya ganin zuciyarsa. Mayar da ita abin da ake gani: ɗora hannu a kan tebur, maɗauri ya yi daidai da tsakiyar ƙirji. Wannan matakin ya cancanci ɗan dalili na jimla ɗaya, domin mutane suna raina shi. Idan damtse ya sauka santimita 10 ƙasa da zuciya, nauyin jinin kaɗai yana ƙara kusan 8 mmHg, wato ma'aunin hawan jini, a kan awon. A sauran matakai bar dalili, in ba haka ba sakin layin da ka kora ta ƙofa zai dawo ta taga.

Ga yadda ya fito

Kafin awo

Gargaɗi: ban da ɗaurawa a hannu mai rauni, ko hannun da ake ƙarin ruwa ta cikinsa.
Minti 30 kafin awo: ban da abinci, gahawa, taba, wanka da motsa jiki.

Shirin farko (sau ɗaya ake yi)

1. Auna kewayen tsakiyar damtse da tef ɗin tela.
Idan bai kai santimita 22 ba, ko ya wuce 32, wannan maɗaurin bai dace ba. Nemi wani girman.
2. Buɗe murfin batir a ƙasan na'urar.
3. Saka batir 4 masu girman AA, bisa alamar + da − da ke ciki.
4. Rufe murfin.

Yin awo

1. Soka kan tiyon iska a kafar iska ta na'urar har ya zauna daram.
2. Fitar da damtsen hagu daga riga mai kauri.
3. Zauna a kujera mai majingina, baya a jingine, tafin ƙafa biyu a ƙasa.
4. Huta minti 5.
5. Zura hannun hagu cikin maɗaurin har damtse, tiyon yana kallon ƙasa ta cikin hannu.
6. Gyara maɗaurin, gefensa na ƙasa ya tsaya santimita 1 zuwa 2 sama da gwiwar hannu.
7. Ja bakin maɗaurin, manne shi, ya kama damtse ba tare da ya matse ba.
8. Ɗora hannun a kan tebur, tafi yana kallon sama, maɗaurin daidai da tsakiyar ƙirji.
Idan hannu ya yi ƙasa, awon zai fito sama da gaskiya.

Gargaɗi: idan zafi ya yi tsanani lokacin kumburi, danna START/STOP. Iskar za ta fita.

9. Danna START/STOP sau ɗaya, saki.
Maɗaurin zai kumbura ya matse sosai, sannan ya saki da kansa.
10. Zauna shiru har lambobi su tsaya a allo. Ban da magana, ban da motsi.
11. Rubuta lambar SYS ta sama, da ta DIA ta ƙasa, da kwanan wata da lokaci.
12. Cire maɗaurin, danna START/STOP domin kashe na'urar.

Lura cewa sabon rubutun ya fi tsohon cin wuri a takarda. Ba laifi ba ne. Kowane mataki ne ake so ya gajarta, jimillar tana iya tsawo.

Mataki na biyar: koma ka tantance da asali

Ajiye tsohon sakin layi kusa da sabon jeri, ka bi shi guntu-guntu, duk abin da ka samu a sabon ka soke shi a tsohon. Abin da ya rage ba a soke ba, ka yar da shi ke nan. Adadi da gargaɗi su suka fi ɓacewa a hanya. Sannan ka yi akasin haka: duk abin da ke sabon wanda babu shi a tsohon, yi masa alama. A namu akwai batir, kujera mai majingina, tafin ƙafa a ƙasa, da rubuta sakamako. Kowanne sai an tabbatar da shi daga wani shafi na littafin ko daga kamfanin kafin a buga.

A nan ne kuma maganar daidaita rubutu da rayuwar mai karatu ke shigowa, kuma tana son taka-tsantsan. Littafin ya ce gahawa, abin da yake gudu shi ne sinadarin kafeyin da ke cikinta. Bahaushe da yawa ba ya shan gahawa, amma yana cin goro yana shan shayi, kuma duka biyun suna ɗauke da sinadarin. Mai karatu zai ga "gahawa" ya ce bai shafe shi ba, goro na bakinsa. Ƙara "goro da shayi" gyara ne mai ma'ana, sai dai tunda kayan lafiya ne, sai ma'aikacin lafiya ko kamfanin ya amince. Haka batun hannun riga. Wanda ya ga "fitar da damtse" zai iya naɗe hannun kaftani sama har ya shaƙe damtsen kamar igiya, wanda shi ma yana ɓata awo. Idan gwaji ya nuna ana yin haka, ƙara layi a ƙarƙashin mataki na 2: in hannun rigar zai matse bayan naɗewa, a cire rigar. Gidan da ake zaman tabarma ba tebur kuwa tambaya ce da za ka kai wa masana, kada ka ƙirƙiro mata amsa.

Mataki na shida: ba wanda bai taɓa gani ba

Nemi mutum uku zuwa biyar waɗanda ba su taɓa riƙe na'urar ba, a cikinsu a samu mai shekaru da wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba. Ba kowanne kwalin a rufe da takardar, shi kaɗai, ka koma gefe ka yi shiru. Yin shirun shi ne mai wuya, domin da ka ga ya juya maɗauri baibai bakinka zai so ya yi magana, kuma da ka yi gwajin ya lalace. Kada ka tambaye shi ko ya gane, kunya za ta sa ya ce e. Hannunsa za ka kalla.

Kowace irin tangarɗa tana nuna irin gyaranta. Wanda ya karanta mataki sau biyu, jimlar ta yi nauyi ko akwai kalmar da bai sani ba. Wanda ya yi rabin mataki ya wuce, ayyuka biyu ne a lamba ɗaya, raba su. Wanda ya juya na'ura yana nema, ba ka faɗi wurin abin ba. Wanda ya ɗago ya kalle ka bayan ya gama mataki, sakamako yake nema, bai san ko ya yi daidai ba.

A jerinmu, inda aka fi sa ran tuntuɓe shi ne mataki na 5 da na 7. "Ta cikin hannu" ba kowa zai gane ba, kuma "ya kama ba tare da ya matse ba" har yanzu magana ce da ba ta aunuwa. Na 7 yana gyaruwa da gwajin yatsa, in littafin kamfanin ya ba da shi: yatsa ɗaya ko biyu su iya shiga tsakanin maɗauri da fata. Na 5 kuwa, in ka sake masa kalmomi sau biyu mutane suna ci gaba da juya tiyon waje, daina wahalar da jimlar. Sa ƙaramin zane dab da matakin, hannu a kan tebur, tafi a sama, kibiya tana bin tiyon daga maɗauri zuwa tafin hannu, ka rubuta masa lamba 5. Sannan ka nemi sabon mutum ka sake gwaji, domin waɗanda suka yi na farko sun riga sun san amsar.